Juya jadawali: yadda ake mayar da layuka ginshiƙai, da lokacin da hakan ke sauƙaƙa karatu

Waɗannan tambayoyi ne game da juya jadawali a Excel da makamantansa, da ke yawan fitowa daga masu riƙe da lissafin shago, da malaman makaranta masu haɗa sakamakon jarrabawa, da ma'aikatan ofis da ake cewa su kawo rahoto a shafi ɗaya. A cikin amsoshin, layi yana nufin jerin da ya tafi a kwance daga hagu zuwa dama, ginshiƙi kuma jerin da ya sauko a tsaye, sannan gida shi ne akwati ɗaya inda layi da ginshiƙi suka haɗu. An ɗauki misali guda an bi da shi har ƙarshe: lissafin wani ɗan kasuwa a Jos mai sayar da dankalin Turawa a shaguna uku, a Terminus da Farin Gada da Bukuru. Alƙaluman na misali ne kawai.

Mene ne ainihin juya jadawali?

Juya jadawali shi ne a mayar da layin farko ya zama ginshiƙin farko, layi na biyu ya zama ginshiƙi na biyu, a ci gaba da haka har layukan su ƙare. Abin da yake layi na 2 ginshiƙi na 5 zai koma layi na 5 ginshiƙi na 2. Gidan da ke kusurwar sama ta hagu ba ya motsi, haka ma duk gidan da lambar layinsa ta yi daidai da lambar ginshiƙinsa. Ga lissafin buhunan da aka sayar a wata huɗu, kamar yadda aka fara rubuta shi, daga gida A1 zuwa F5:

| Shago | Janairu | Fabrairu | Maris | Afrilu | Jimla |
|---|---:|---:|---:|---:|---:|
| Terminus | 120 | 95 | 110 | 140 | 465 |
| Farin Gada | 310 | 280 | 305 | 90 | 985 |
| Bukuru | 85 | 80 | 92 | 101 | 358 |
| Jimla | 515 | 455 | 507 | 331 | 1808 |

Ga shi kuma bayan an juya shi. Layi biyar da ginshiƙi shida sun koma layi shida da ginshiƙi biyar, gidaje talatin suna nan talatin, babu adadin da ya ƙaru ko ya ragu:

| Wata | Terminus | Farin Gada | Bukuru | Jimla |
|---|---:|---:|---:|---:|
| Janairu | 120 | 310 | 85 | 515 |
| Fabrairu | 95 | 280 | 80 | 455 |
| Maris | 110 | 305 | 92 | 507 |
| Afrilu | 140 | 90 | 101 | 331 |
| Jimla | 465 | 985 | 358 | 1808 |

Abu ɗaya ne aka gyara da hannu. Gidan kusurwa yana ɗauke da kalmar Shago, kuma tun da ba ya motsi, bayan juyawa sai ya zauna a kan ginshiƙin watanni yana kiran su shaguna. Dole a sake masa suna zuwa Wata, kuma wannan ƙaramin gyara shi ne aka fi mantawa da shi.

Idan alƙaluman ba su canza ba, me juyawar ta ƙara wa mai karatu?

Ta canza waɗanne lambobi ne ke ƙarƙashin juna, kuma a nan sauƙin karatu yake. Idan lambobi suna jere a tsaye kuma an jingina su dama, ɗaya-ɗaya na faɗawa ƙarƙashin ɗaya-ɗaya, goma-goma ƙarƙashin goma-goma, ɗari-ɗari ƙarƙashin ɗari-ɗari, saboda haka ido yana gane babba da ƙarami tun kafin ya karanta adadin. Idan kuwa suna jere a kwance, sai an karanta kowace lamba an riƙe ta a ka, sannan a tsallaka fili a karanta ta gaba. A dubi ginshiƙin Farin Gada a jadawali na biyu: 310, 280, 305, sai 90. Lambar Afrilu ta fi sauran gajarta da gurbi ɗaya, kuma giɓin da ta bari a hagu yana jawo ido nan take. A jadawali na farko wannan 90 tana zaune tsakanin 140 a sama da 101 a ƙasa, ba ta yi kama da baƙuwa ba, har mutum zai iya wucewa bai lura cewa ko dai cinikin shagon ya faɗi ƙwarai ba, ko kuma mai shigar da lissafi ya bar 2 daga 290.

To amma jadawali na farko ba banza ba ne. Idan tambayar mai shago ita ce wane shago ya fi ciniki a Maris, a can ne 110 da 305 da 92 suke ƙarƙashin juna. Don haka babu fuskar da ta fi wata a kowane hali. Kafin a juya, a tambayi abin da mai karatu zai kwatanta da me, sannan a sa waɗannan lambobin su sauko a ginshiƙi ɗaya.

Ban da kwatance, akwai wasu alamu da ke nuna ya kamata a juya?

Akwai biyu masu ƙarfi. Ta farko ita ce siffar abin da za a karanta a kansa. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, kuma idan aka buga shafin Excel a tsaye ba tare da an taɓa girman gidaje ba, ginshiƙi kusan tara ne ke shiga, alhali layuka kusan hamsin suke shiga. Lissafin ɗan kasuwar nan na shekara guda yana da ginshiƙi goma sha huɗu: na suna, watanni goma sha biyu, da na jimla. A kwance sai ya tsage gida biyu, watannin ƙarshen shekara su faɗa shafi na biyu babu sunayen shaguna a gefensu, ko kuma a matse shi har rubutun ya yi ƙanƙanta. A juye kuwa layi goma sha huɗu ne da ginshiƙi biyar, ko rabin shafi bai cika ba. Haka abin yake a waya, inda rahotanni da yawa suke ƙarewa a matsayin hoto a WhatsApp: fuskar waya doguwa ce siririya, jan shafi ƙasa ba ya damun kowa, amma jan sa gefe yana ɓatar da sunayen layuka.

Alama ta biyu ita ce tsawon kanun. Dogon suna kamar "Kuɗin mota daga Bokkos zuwa shago" idan aka ɗora shi a kan ginshiƙi, ko dai ya buɗe ginshiƙin ya yi faɗi a kan lamba mai gurbi huɗu, ko ya karye gida uku, ko a karkata shi mai karatu ya riƙa karkata wuya. A gefen hagu kuwa yana kwance a layi ɗaya kamar kowane rubutu. Idan kanun sama dogaye ne, na gefe kuma gajeru, yawanci jadawalin yana neman a juya shi.

Amma na ga jadawalin kwatanta kaya ana sa kayan a sama, ana kwatantawa a kwance. Wannan bai saɓa wa abin da aka faɗa ba?

Ya saɓa, kuma da dalili. A ce ana so a sayi janareta an karɓo farashi daga wurare uku, kowanne da bayani goma sha biyar: ƙarfi, girman tanki, nauyi, garanti, farashi, da sauransu. Bisa ƙa'idar da ke sama, da sai a sa kowane janareta a layi domin farashi ya faɗo ƙarƙashin farashi. Sai dai hakan zai ba da layi uku da ginshiƙi goma sha biyar masu dogayen kanu, wato duka matsalolin da aka ambata a amsar da ta gabata. Tun da abubuwan uku ne kacal, ido ba ya wahala wajen tsallaka su a kwance, don haka a nan siffar takarda da tsawon kanu sun rinjayi jeruwar lambobi. A ganina iyakar wannan tsari abu huɗu ne ko biyar. Da zarar janaretocin sun kai goma, a mayar da su layuka.

Yaya ake juyawa a Excel ta hanya mafi sauƙi?

A zaɓi dukan jadawalin har da kanunsa, wato A1 zuwa F5 a misalinmu, a danna Ctrl+C. Sai a danna gida guda a wurin da babu komai, misali A8 ko wani sabon shafi, a danna Ctrl+Alt+V domin akwatin Paste Special ya buɗe, a sa alama a Transpose, a danna OK. Wanda ya fi sabawa da linzamin kwamfuta zai sami Paste Special idan ya danna maɓallin dama a kan gidan. Sabon jadawalin zai cika A8 zuwa E13, tare da launuka da kaurin rubutu da tsarin lambobi. Faɗin ginshiƙai ne ba ya biyo shi, saboda haka idan wasu gidaje suka nuna ##### ba lalacewa suka yi ba, ginshiƙin ne ya yi musu kaɗan, a buɗe shi.

Abubuwa uku ne suka saba hana aikin. Idan aka yanke da Ctrl+X maimakon kwafa, Excel ba ya ba da damar juyawa. Idan wurin liƙawa ya hau kan wurin da aka kwafo, zai ƙi, don haka ba a juya jadawali a inda yake zaune, sai a gefe, daga baya a goge na asali idan ana so. Na uku, idan an mayar da bayanan jadawalin Excel na musamman da Ctrl+T, juyawar kan ƙi samuwa, sai an fara zuwa Table Design an danna Convert to Range, ko kuma a bi hanyar fomula da ke tafe. A kuma tabbata wurin liƙawa fili ne, domin abin da ke can za a rubuta a kansa.

A Google Sheets da LibreOffice fa?

Aikin ɗaya ne. A Google Sheets, bayan an kwafa, a shiga Edit, sai Paste special, sai Transposed. A LibreOffice Calc ana buɗe Paste Special da Ctrl+Shift+V, kuma Transpose yana cikin zaɓuɓɓukan. Fomular da aka yi bayaninta a amsa ta gaba tana aiki a cikinsu duka.

Mene ne bambancin liƙawa da amfani da fomular TRANSPOSE, kuma wanne ya fi?

Liƙawa tana ba da kwafi mai zaman kansa. Idan daga baya aka gano cewa 90 ɗin Farin Gada 290 ce aka gyara ta a jadawalin asali, kwafin ba zai sani ba, sai ofis ya wayi gari da jadawali biyu masu jimla daban, 1808 da 2008, ana gardamar wanne ne daidai. Fomula kuwa tana ɗaure juyayyen da na asali. A gida A8 a rubuta:

```
=TRANSPOSE(A1:F5)
```

A Excel na Microsoft 365 da Excel 2021, da kuma Google Sheets, danna Enter ya isa, sakamakon zai bazu da kansa ya cika A8 zuwa E13, kuma duk gyaran da aka yi a sama zai bayyana a ƙasa nan take. A Excel 2019 da waɗanda suka gabace shi, waɗanda har yanzu suna cikin kwamfutocin ofisoshi da yawa, sai an fara zaɓar wurin da sakamako zai zauna, layi shida da ginshiƙi biyar daidai, a rubuta fomular, sannan a danna Ctrl+Shift+Enter. Idan wurin da aka zaɓa ya yi yawa, gidajen da suka rage za su nuna #N/A. Idan ya yi kaɗan, za a yanke ƙarshen jadawalin ba tare da wani gargaɗi ba, kuma wannan ya fi haɗari domin layin jimla ne ke ƙarshe.

Zaɓin ya dogara da ko lissafin ya rufe. Rahoton shekarar da ta wuce, wanda za a buga a ajiye, a liƙa shi. Lissafin da ake ci gaba da shigarwa, a sa masa fomula. Abin da ake rasawa da fomula shi ne ba a iya gyara gida ɗaya a cikin sakamakon, har da gidan kusurwar da aka ambata a amsar farko. Dabarar ita ce a rubuta "Shago / Wata" a kusurwar jadawalin asali, ya dace da fuskokin biyu.

Na sa fomular sai na ga sifili a inda babu komai, kwanan wata kuma ya zama wata doguwar lamba. Me ya faru?

Fomular tana ɗauko ƙimar gida ne kawai, ba ta ɗauko adonsa. A wurin Excel kwanan wata lamba ce da ake ƙirgawa tun daga farkon 1900, saboda haka 1 ga Janairu 2025 a cikinsa 45658 ce, tsarin gidan ne ke nuna ta a matsayin kwanan wata. A zaɓi gidajen, a danna Ctrl+1, a ba su tsarin Date, za su dawo daidai. Haka alamar naira da waƙafin dubbai, sai an sake sa su.

Batun sifili ya fi wannan nauyi. Idan shagon Bukuru bai kawo lissafin Afrilu ba aka bar gidan fili, fomular za ta nuna 0 a wurin, kuma "bai kawo lissafi ba" daban yake da "bai sayar da ko buhu ɗaya ba". Jimla ba za ta canza ba, amma matsakaici zai canza: AVERAGE yana tsallake gidan da babu komai, yana kuma ƙirga sifili. Wata uku na 85 da 80 da 92 matsakaicinsu kusan 85.7 ne, amma da sifilin ƙarya na huɗu sai ya faɗo 64.25. Maganin shi ne:

```
=TRANSPOSE(IF(A1:F5="","",A1:F5))
```

Idan kuma #SPILL! ya fito, ma'anarsa wani abu ya tare wurin da sakamakon zai bazu, ko da tazara ɗaya ce da aka buga a wani gida bisa kuskure, ko gidajen da aka haɗe. A share wurin, saƙon zai tafi da kansa.

Me ke faruwa da fomulolin da ke cikin jadawalin idan aka liƙa shi a juye?

Waɗanda ke duban gidajen da ke cikin abin da aka kwafa suna juyawa tare da shi lafiya. Jimlar Terminus a F2 ita ce `=SUM(B2:E2)`. Bayan an liƙa a A8, wannan gida ya koma B13, fomularsa kuma ta zama `=SUM(B9:B12)`, wato tana tara ginshiƙin Terminus, kuma 465 za ta bayar.

Matsalar tana tasowa ne daga fomular da ke duban gidan da ke wajen abin da aka kwafa. A ce an rubuta farashin buhu a H1, akwai kuma layin da ke ninka buhuna da wannan farashi. Idan an rubuta H1 haka kawai, Excel yana riƙe shi ne a matsayin nisa daga gidan fomular, kuma da wurin ya canza sai fomular ta koma duban wani gida dabam. Idan aka yi sa'a za a ga #REF! a gane. Idan ba a yi sa'a ba, za ta faɗa gidan da babu komai ta ba da sifili, ko ta faɗa gidan da ke da wata lamba ta ba da adadi mai kama da gaskiya. Kafin a juya, a ɗaure irin wannan gida da alamar dala, `$H$1`, wanda danna F4 a kansa ke yi. Idan kuma lambobin kawai ake bukata, a akwatin Paste Special a zaɓi Values tare da Transpose, a huta da fomuloli gaba ɗaya.

Yaya zan tabbatar juyawar ta yi daidai?

A fara da ƙirga: yawan layukan sabo dole ya zama yawan ginshiƙan tsoho. Sannan a duba kusurwoyi biyu da suke musanya wuri, abin da yake sama ta dama ya koma ƙasa ta hagu. Daga nan a ɗauki gida ɗaya daga tsakiya a karanta shi da kanunsa biyu a kowane jadawali, misali Farin Gada a Maris, a ga 305 a duka. A ƙarshe a zaɓi lambobin cikin sabon jadawalin ban da jimloli, a dubi Sum da ke bayyana a ƙasan allo, a ga ko 1808 ce. Idan akwai fomuloli, a danna biyu ko uku a karanta gidajen da suke duba, saboda dalilin da aka bayyana a amsar da ta gabata.

Idan na juya, zan iya mayar da shi yadda yake?

Juyawa sau biyu tana mayar da kowane gida mazauninsa, don haka a kwafi juyayyen a sake liƙa shi da Transpose. Lambobi da rubutu za su dawo cif. Abin da ba ya dawowa shi ne abin da aka zubar a hanya: fomulolin da aka mayar lambobi da Values, da faɗin ginshiƙai, da kuma haɗin gidajen kanu masu hawa biyu idan da Values aka liƙa, kamar "Zango na ɗaya" da aka shimfiɗa a kan watanni uku. Irin waɗannan kanu gara a raba su tun farko, a maimaita kalmar a kan kowane wata, kafin a taɓa juyawa. Mafi aminci dai shi ne kada a goge na asali, a bar shi a shafinsa.

Yaushe ne bai kamata a juya ba?

Idan jadawalin ma'ajiya ce da ake ƙara wa bayani kullum, ba abin nunawa ba. An gina waɗannan manhajoji ne a kan cewa kowane layi abu ɗaya ne, ɗalibi ɗaya ko ciniki ɗaya, kowane ginshiƙi kuma nau'in bayani ɗaya. Filter layuka yake ɓoyewa, ba ya ɓoye ginshiƙai. Sort yana jera layuka, kodayake akwai Sort left to right a ɓoye a cikin Options ga mai bukata. PivotTable yana neman kanu a layin sama. VLOOKUP yana bincike ne a ginshiƙin farko zuwa ƙasa, kuma duk fomular VLOOKUP da ke duban jadawalin za ta daina aiki idan aka juya shi, sai an musanya ta da HLOOKUP ko XLOOKUP. Malamin da ke da ɗalibai 45 da darussa 10, idan ya mayar da ɗalibai ginshiƙai, ya rasa hanyar tace waɗanda suka faɗi Lissafi da dannawa biyu, ya kuma sami jadawali mai faɗin ginshiƙi 46.

Akwai kuma iyaka ta zahiri. Tun daga Excel 2007, shafi ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576 amma ginshiƙi 16,384 kacal, na ƙarshensu XFD. Mai sana'ar cirar kuɗi da ya sauko da tarihin hada-hada mai layi 20,000 ba zai iya juya shi ba ko ya so. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce ɓangaren da ke ƙaruwa ya sauko ƙasa. A lissafin ɗan kasuwarmu, watanni ne ke ƙaruwa, shaguna kuwa uku ne shekara da shekaru, saboda haka jadawali na biyu ne ya dace ya zama na asali tun farko.

Wannan bai hana malamin juya yanki ba. Takardar sakamakon ɗalibi ɗaya tana bukatar darussa a tsaye, kuma idan makin ɗalibin yana B7 zuwa K7, to `=TRANSPOSE(B7:K7)` zai sauko da maki goman a ginshiƙi, `=TRANSPOSE(B1:K1)` kuma ya sauko da sunayen darussan a gefensu, babban jadawalin yana nan ba a taɓa shi ba.

An ce in kawo bayanan "a tsaye" domin a shigar da su wata manhaja, na juya, aka ce ba haka ba. Me ake nufi?

Mai yiwuwa abin da ake so warwarewa ce, ba juyawa ba, kuma ana yawan rikita su. Juyayyen jadawali har yanzu yana da kanu a sama da gefe, lambobi a tsakiya. Warwararre kuwa yana da ginshiƙi uku ne kawai, Shago da Wata da Buhuna, kowace lamba da layinta: Terminus, Janairu, 120, sai Terminus, Fabrairu, 95, haka har ƙarshe. Shago uku a wata huɗu layi goma sha biyu ke nan, a shekara guda talatin da shida. Ba ya da daɗin karatu ko kaɗan, amma shi ne manhajojin ajiyar bayanai suke so, kuma daga gare shi ana iya fitar da kowace fuska.

A Excel ana yin sa ta Power Query, sashen da ke sake fasalin bayanai. A cire layi da ginshiƙin jimla tukuna, in ba haka ba za su shiga kamar wani shago ko wani wata su ninka lissafi. A shiga Data, sai From Table/Range, a zaɓi ginshiƙin Shago, a danna Unpivot Other Columns. Za a sami sababbin ginshiƙai biyu, Attribute da Value, a sake musu suna zuwa Wata da Buhuna. Daga nan PivotTable zai ba da jadawali na farko idan aka ja Shago zuwa Rows, Wata zuwa Columns, Buhuna zuwa Values, ya kuma ba da na biyu idan aka musanya Shago da Wata. Ga wanda ake yawan tambayarsa fuskoki daban-daban na lissafi ɗaya, wannan ya fi kwafa da liƙawa nesa ba kusa ba.

Power Query ma yana da Transpose, amma da na danna sai kanuna suka ɓace.

Haka yake yi, domin a wurinsa kanun ginshiƙai ba sa cikin bayanan. A fara danna Use Headers as First Row domin kanun su sauko su zama layi, sannan Transpose, sannan Use First Row as Headers. Masu aiki da pandas a Python suna cin karo da ɗan'uwan wannan: idan aka juya ba tare da an ware ginshiƙin suna ba, rubutu da lambobi suna cakuɗewa a kowane ginshiƙi, nau'insa ya koma `object`. A ware shi tukuna:

```
df.set_index("Shago").T
```

Zanen lissafina ne ya fito a birkice. Sai na juya jadawalin?

Ba sai an taɓa jadawalin ba. Idan ana son watanni su jeru a ƙasan zanen, kowane shago da layinsa, amma sai shaguna suka fito a ƙasa, a danna zanen, a shiga Chart Design, a danna Switch Row/Column. Excel kan ɗora ɓangaren da ya fi yawa a ƙasan zane da kansa, shi ya sa yake birkicewa a farkon shekara, lokacin da wata biyu kawai aka shigar kuma shaguna uku suka fi su yawa.

Jadawalina yana cikin Word. Ina maɓallin juyawa yake?

Word ba shi da shi. Hanyar ita ce a kwafi jadawalin zuwa Excel, a juya shi a can kamar yadda aka bayyana a amsar Paste Special, a sake kwafo shi zuwa Word. Abubuwa biyu ake lura da su a wannan tafiya. Gidan Word da aka danna Enter a cikinsa aka yi sakin layi biyu yakan rabu ya zama layi biyu a Excel, wanda bayan juyawa zai zama ƙarin ginshiƙi, don haka a haɗe irin wannan rubutu kafin a kwafa. Sannan lambar waya ko lambar asusun banki mai farawa da sifili takan rasa sifilin da zarar ta shiga Excel, domin yana ɗaukar ta lambar lissafi. A fara ba wa gidajen tsarin Text, a liƙa da Match Destination Formatting, sannan a ƙirga gurabe: lambar asusun banki a Najeriya goma ce, lambar wayar hannu goma sha ɗaya, kuma duk wadda ta gaza haka a koma takardar asali a dawo mata da sifilinta kafin a juya.